Mutum a Gaɓa, Surarsa a Ruwa

Ciro mutum daga hoto a dasa shi cikin wani hoton ya zama aikin yau da kullum a shagunan hoto da wuraren buga fosta. Ango ya ɗauki hoto a situdiyo gaban farin ƙyalle, amma yana son katin bikinsa ya nuna shi a bakin tafki da yamma. Yanke shi tsaf ba ya ba mai gyara wahala kamar dā. In an dasa shi kan tudu ko gaban gini, ɗan duhu a ƙarƙashin takalminsa ya isa ya zaunar da shi. Da zarar akwai ruwa a gabansa kuwa, aiki ya canza, domin ruwa yana nuna duk abin da ke tsaye a bakinsa. Bishiya tana da sura a ruwan, gaɓa tana da tata, sai ango kaɗai ba shi da ita, ko kuma yana da wata wadda ke manne da tafin ƙafarsa, fes, ba motsi. Mai kallo ba zai iya gaya maka abin da ya lalace ba, amma zai ce hoton nan haɗi ne.

Abin da akasarin masu gyara ke yi shi ne su kwafi mutumin, su kifa shi, su rage masa ƙarfi zuwa rabi, su zuba masa wata filta mai lanƙwasa hoto, shi ke nan. Kowane ɗaya daga cikin matakan nan yana da gyara. Za mu bi aiki guda daga farko zuwa ƙarshe a Photoshop, da yake shi ne a hannun yawancin masu sana'ar. GIMP da Photopea suna da kayan aiki masu kama da waɗannan.

Ga aikin. Hoton tafki ne a tsaye, faɗinsa fiksel 4000, tsawonsa 6000. Mai ɗauka ya tsaya a ƙetaren wani siririn reshe na tafkin, kyamararsa tana sama da fuskar ruwa da kamar mita 1.6. Za a dasa ango mai farar babbar riga da hula, tsawonsa santimita 175, a nisan mita 10 daga kyamara. Gaɓar da zai tsaya a kai ta ɗara ruwa da santimita 25, kuma ba a kan baki yake ba, ya ja baya da mita guda. A cikin hoton ya ci fiksel 1400 daga tafin ƙafa zuwa saman hula, wato kowace santimita fiksel 8 ke nan a inda yake tsaye.

Inda za a ninke

Ruwa kwantacce madubi ne a shimfiɗe. Duk abin da ke sama da fuskarsa da taku ɗaya, surarsa tana ƙasa da fuskar da taku ɗaya, daidai ƙarƙashinsa. Kamar takarda ce da aka ɗiga wa tawada aka ninke: tabon da ya fito a ɗaya ɓangaren yana nesa da layin ninkin daidai da na asali. Tambayar da aikin duka ya rataya a kanta ita ce, ina layin ninkin yake?

Ba a tafin ƙafar mutumin yake ba, sai in a cikin ruwan yake tsaye. Ba kuma a bakin ruwa yake ba, inda ƙasa ta haɗu da ruwa a hoton. Yana inda fuskar ruwan za ta kasance da ta ratsa cikin gaɓa ta iso ƙarƙashin mutumin. Angonmu yana sama da ruwa da santimita 25, wato fiksel 200. Saboda haka layin ninkinsa yana ƙasa da tafin ƙafarsa da fiksel 200, kuma tafin ƙafar surar zai fara ne ƙasa da layin da wasu 200. Tsakanin takalmin gaske da takalmin sura akwai tazarar fiksel 400. A hoton, wannan layi zai faɗo ne a jikin gaɓa, sama da bakin ruwa, wurin da ba ruwa ko ɗigo. Masu koyo sukan ga kamar an yi kuskure. Ba kuskure ba ne. Ja da bayan da mutumin ya yi ne ya ɗaga layin.

Sai a kwafi mutumin da `Ctrl+J`, a kifa kwafin da `Edit > Transform > Flip Vertical`, a ja shi ƙasa ana riƙe da `Shift` don kada ya goce hagu ko dama. A kula, kifawa ake yi, ba juyawa ba. Wanda ya yi `Rotate 180°` ya sauya hagu da dama, sai aikin gaban rigar da aljihunta su koma ɗaya ɓangaren, hannun da ke riƙe da sanda ya zama ɗaya hannun. A ruwa, abin da ke hagu yana nan hagu. Kada kuma a matse surar ta gajarce. In kyamara a miƙe take, ba ta sunkuya ba, tsawon sura daidai yake da na mai ita.

Yanzu gaɓa za ta ci rabonta. Ita ma tana da sura, kuma tana gaban mutumin. In ka bi da ido daga sama zuwa ƙasa, abin da ya kamata ka gani shi ne takalmi, ƙasar da ke gabansa, fuskar gaɓa, bakin ruwa, surar fuskar gaɓa, sannan surar mutumin ta ɓullo daga bayanta. A ma'aunin da muke da shi, surar gaɓa tana ɓoye kamar santimita 20 na ƙasan mutumin, fiksel 160 da ɗoriya. Ma'ana takalmi da idon sawu ba za su fito a ruwa ba sam. Surar za ta fara ne daga ƙwauri, wajen bakin wando. Da ya ƙara ja baya da wasu mitoci, da sai daga gwiwa ko ƙugu za ta fara. Wanda ke can nesa da baki, kansa kaɗai zai leƙo, ko ma babu komai. Hoton da aka ga takalmin mutum a ruwa alhali yana tsaye a kan tudu ya riga ya tona kansa.

Don a ɓoye wannan sashe, a saka surar cikin `Group`, a ɗora `Layer Mask` a kan rukunin, ba a kan surar kanta ba, a shafe da baƙi duk abin da ya hau ƙasa da surar gaɓa. Dalilin ɗora shi a kan rukuni zai fito nan gaba: za mu karkaɗa surar, amma ba ma son iyakar gaɓa ta karkaɗu tare da ita.

Mai gyara zai ce, ni ban je tafkin da ma'auni ba, ina zan san gaɓa santimita 25 ce? Hoton da kansa zai faɗa. A nemi wani abu da ke tsaye kusan nisa ɗaya da inda za a dasa mutumin, turke ko kututture ko dutse, wanda surarsa ta fito. A auna daga ƙolinsa zuwa ƙolin surarsa, a raba biyu. Tsakiyar nan ita ce layin ninki na duk abin da ke wannan nisan. A ja `Guide` a kai a yi aiki da shi. Abin da ya fi nisa layinsa ya fi sama, abin da ya fi kusa layinsa ya fi ƙasa, shi ya sa ba a aron layin bishiyar da ke can ƙetare a ba mutumin da ke gaba.

Wannan ƙa'ida ce masu binciken hotunan jabu ke kama mutane da ita. A 2012 James O'Brien da Hany Farid sun wallafa hanyar gano hoton da aka yi wa haɗi ta duban surorinsa: a ja layi daga kowane wuri a jikin abu zuwa takwaransa a cikin sura, hanci zuwa hanci, gwiwar hannu zuwa gwiwar hannu. A hoton gaske layukan nan duk suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, ko su nufi wuri guda su haɗu. Mai gyara zai iya yi wa kansa wannan jarrabawa da layi uku ko huɗu kafin wani ya yi masa.

Abin da ruwa ke gani ba shi kyamara ke gani ba

Akwai iyakar da kifawa ba ta wucewa. Surar da ke ruwa ita ce kamannin mutumin da a ce daga ƙasa aka ɗauke shi, daga wata kyamara da ta nutse ƙarƙashin fuskar ruwa daidai da yadda ta gasken ta ɗaga sama da ita. Don haka ruwa yana nuna ƙarƙashin haɓa, cikin hannun riga, ƙasan malafa, cikin doki, ƙasan mota. Saman abubuwa kuwa yana ɓoye shi. In mace ce ɗauke da tire a hannu, kyamara tana iya ganin abin da ke kan tiren, ruwa kuwa gindinsa kawai zai nuna.

Ga mutum tsaye a nisan mita 10, bambancin kaɗan ne, kuma kaɗawar ruwa za ta rufe shi. Ɗan ƙarin duhu a ƙarƙashin haɓa da cikin faffaɗan hannun rigar ya wadatar. Matsalar tana girma in abin yana kusa da kyamara, ko yana da zurfi. Doki da ya tsaya a karkace yana da ƙafafu huɗu a nisa huɗu, kowace da layin ninkinta. In aka kifa shi a dunƙule, ƙafafun gaba za su dace, na baya su rataye. Dole a yanka surar gida-gida, a daidaita kowane yanki da `Skew`, a zana cikin dokin da hannu inda ya kamata ya fito. Kwalekwale da mota ma haka. A ganina, in abin yana kusa sosai kuma ruwan a kwance yake lum, gara a sake ɗaukar hoton abin daga ƙasa, kyamara kusa da daɓe, a yi surar da wannan hoto na biyu. Minti biyar a situdiyo ya fi awa uku ana faci.

Hasken sura da launinta

Ruwa ba ya mayar da duk hasken da ya sauka a kansa, kuma abin da yake mayarwa ya danganta da yadda aka kalle shi. Augustin Fresnel, Bafaranshe masanin haske, ya fitar da lissafin wannan a shekarun 1820. Wanda ya leƙa ruwa daga sama kai tsaye, kashi 2 cikin ɗari kacal na haske ke dawo masa, shi ya sa yake ganin yashin ƙasa fiye da fuskarsa. In idonsa ya karkata har ya zama digiri 20 sama da fuskar ruwan, abin ya kai kamar kashi 13. A digiri 10 ya kai kamar kashi 35. Daga nan sai ya yi ta hawa da sauri, har ruwan da ke can nesa ya zama madubi sosai.

Dubi abin da wannan ke nufi ga angonmu. Surar ƙwaurinsa tana kusa da gaɓa, inda kyamara ke kallon ruwa a kwance, wajen digiri 10. Surar hularsa kuwa ta gangaro kusa da mai ɗauka, inda kyamara ke kallon ruwa da kamar digiri 20. Wato surar ta fi ƙarfi a wajen gaɓa, tana raunana yayin da take gangarowa ƙasan hoton. Masu gyara da yawa suna yin wannan dusashewa don sun ga ana yi. Sanin dalilinta shi ke gaya maka yaushe za ka tsananta ta, yaushe za ka sassauta: hoton da aka ɗauka daga kan gada surarsa mai rauni ce ƙwarai, wanda aka ɗauka a tsugune a bakin ruwa kuwa surarsa kusan ta kai mai ita haske.

A nan ne kuskuren rage `Opacity` yake. Kafin a dasa mutumin, wurin da surarsa za ta kwanta yana nuna surar sararin sama, mai haske. Da mutumin yana wurin da gaske, da ya tare wannan saman. Ruwan da ke wurin shi zai nuna, ba sama ba. In aka rage masa ƙarfi zuwa rabi, sai gajimare ya riƙa leƙowa ta cikin ƙirjinsa, ya zama kamar fatalwa. Abin da ya dace shi ne a bar surar kusan a cike, a rage mata haske da `Curves` da aka ɗaure a kanta ita kaɗai, sannan a ƙara mata launin ruwan.

Nawa za a rage? Kashi 35 na haske ba kashi 35 na lambar da ke allo ba ne, domin lambobin allo ba sa tafiya kai ɗaya da yawan haske. Farar rigar da ke nuna 240 cikin 255 za ta sauko wajen 150 kusa da gaɓa, ta kai wajen 95 a can ƙasa, kafin a ƙara hasken da ruwan kansa ke fitarwa. Amma ba sai an riƙe waɗannan lambobi ba. A ɗora `Eyedropper` a kan wani abu mai haske da ke cikin hoton tun asali, farin bango ko sararin sama, a karanta lambarsa a `Info`, a karanta ta surarsa. Yadda ruwan ya yi wa wancan, haka zai yi wa rigar.

Baƙi kuwa akasin haka yake yi. Masu zanen fenti sun daɗe da sanin cewa a ruwa fari yana duhu, baƙi yana haske. Inda surar baƙin abu ta kwanta, babu hasken sama da zai rufe ruwan, sai launin ruwan kansa ya fito. A kududdufin damina mai jan ruwa, surar baƙar hula ja-ja ce mai duhu, ba baƙa ƙirin ba. A tafki mai gansakuka sai ta yi kore-kore. Saboda haka a `Curves` ɗin a sauke ƙarshen fari, a ɗaga ƙarshen baƙi kaɗan, sannan a ɗebi launi daga wurin da ya fi duhu a ruwan, misali ƙarƙashin surar gaɓa, a shafa shi sama-sama a kan surar. Gwargwadon laka a ruwa, gwargwadon yawan wannan launi.

Inuwa daban take da sura, kuma kada a haɗa su. Sura kullum wajen mai kallo take gangarowa, ko ina rana take. Inuwa kuwa gudun rana take yi, tana iya faɗawa hagu, dama ko baya. A ruwa garai-garai da ƙyar ake ganin inuwa a fuskarsa. A ruwa mai laka tana fitowa sosai, kusan kamar a ƙasa. In rana tana bayan mutumin kuma ruwan ja ne, za a buƙaci duka biyun, kowace a leyarta.

Kaɗawar ruwa

Ko iska kaɗan ce ta taɓa ruwa, madubin ya kakkarye ya zama dubban ƙananan madubai, kowane ya ɗan karkata. In fuskar ruwa ta karkata da digiri ɗaya, hasken da ta mayar yana gocewa da digiri biyu. Daga wannan abubuwa biyu ke fitowa, kuma su ne ke raba aikin gwani da na ɗan koyo.

Na farko, gocewar ta fi yawa sama da ƙasa, ba hagu da dama ba. Shi ya sa surar fitila a kogi da dare take zama dogon ginshiƙi mai gangarowa, ba faffaɗan tabo ba. Surar mutum tana miƙewa, tana yankewa gunduwa-gunduwa a kwance, gefunanta suna ɗan shiga da fita. Na biyu, gwargwadon nisan abu daga ruwa, gwargwadon wargajewar surarsa. Ƙwaurin ango yana dab da ruwa, surarsa za ta fito kusan lafiya. Hularsa tana sama da ruwa da mita biyu, surarta ita ce za ta fi watsewa, har wani ɓallinta ya rabu da sauran ya yi gaba. Ƙari a kan haka, igiyoyin da ke kusa da kyamara sun fi girma a hoto, na nesa ƙanana ne a matse.

Filtocin `Ripple` da `Wave` ba su san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Lanƙwasa iri ɗaya suke yi daga sama har ƙasa, kamar haƙoran zarto, kuma ba ruwansu da igiyoyin da ke cikin hoton. Abin da ya fi su shi ne a sa ruwan hoton da kansa ya karkaɗa surar, da filtar `Displace`. Ita tana karɓar wani hoto mai toka-toka a matsayin taswira, ta tura kowane fiksel gwargwadon hasken taswirar a wurin: toka ta tsakiya, lamba 128, ba ta motsa komai, abin da ya fi ta haske yana turawa gefe guda, abin da ya fi ta duhu yana turawa ɗaya gefen.

Ga yadda ake haɗa taswirar. A ɓoye mutumin da surarsa, a kwafi hoton tafkin zuwa sabon fayil mai girma ɗaya, a cire masa launi da `Desaturate`. Sai a sa `Filter > Other > High Pass`, a ba shi kamar fiksel 30 zuwa 40. Wannan mataki ne mutane ke tsallakewa, alhali shi ne ke share manyan duhu da haske na surar bishiyoyi da sama, ya bar igiyoyin kaɗai a kan toka ta tsakiya. In ba a yi shi ba, surar gaba ɗaya za ta zame gefe ta bar ƙarƙashin mai ita. A bi da `Gaussian Blur` na fiksel 2 ko 3 don kada gefuna su yi kaushi, a ƙara bambancin fari da baƙi da `Levels`. Daga ƙarshe a shafa toka ta tsakiya a wajen gaɓa, tana dusashewa zuwa ƙasa, yadda taswirar za ta yi laushi kusa da ƙwauri, ta yi ƙarfi wajen hula. A haɗe leyoyin a ajiye fayil ɗin a matsayin PSD, don shi filtar ke karɓa.

A koma kan surar, a ajiye kwafinta guda a ɓoye saboda gwaji, a yi `Select > All` don taswirar ta hau daidai kan hoton, sannan `Filter > Distort > Displace`. Ga hoto mai wannan girma da ruwa mai ɗan motsi, ana iya farawa da haka:

```
Horizontal Scale: 8
Vertical Scale: 25
Stretch To Fit
Repeat Edge Pixels
```

A ma'auni 100 filtar tana tura fiksel har 128, don haka 25 na nufin turi bai wuce fiksel 32 ba, kamar santimita huɗu a jikin mutumin. In bai isa ba a ƙara, amma alƙalin shi ne surar turken nan ko bishiyar da ke cikin hoton tun farko. In gefenta yana shiga da fita da faɗin yatsa, na ango ma kada ya wuce haka. Bayan nan a sa `Motion Blur` a kusurwa 90, kaɗan, don a sami miƙewar nan ta sama da ƙasa. A GIMP filtar tana `Filters > Map > Displace`, kuma a can leya take karɓa a matsayin taswira, ba sai an ajiye wani fayil ba.

Saura abu guda da ke zaunar da sura cikin ruwa maimakon a kansa. Wasu igiyoyin sun karkata har suna nuna sama ko da a tsakiyar surar mutum suke. A `Layer Mask` ɗin rukunin, a ɗauki siririn buroshi a buɗe 'yan tsagogi a kwance, ana bin igiyoyi masu haske da ke hoton, da yawa wajen hula, kaɗan wajen ƙugu, babu wajen gaɓa. Duk abin da ke yawo a kan ruwa kuma, ganyen bado, kumfa, ciyawa, leda, dole ya kasance a saman surar, domin shi ba madubi ba ne. Surar riga da ta hau kan ganyen bado tana daga cikin abubuwan da ido ke saurin kamawa.

In ruwan hoton a kwance yake lum, kamar tafki da asuba, to a bar shi haka. Ɗan `Motion Blur` ya isa. Ƙirƙiro igiyoyi a ƙarƙashin mutum ɗaya alhali bishiyar da ke gefensa ta fito fes, ɓata aiki ne.

Zobban nan masu buɗewa daga tsakiya, waɗanda masu gyara ke so ƙwarai, ba su da hurumi sai in wani abu ya taɓa ruwan. Ango da ke kan gaɓa ba ya haifar da zobe. In sandarsa ta shiga ruwa, ko doki ya sa baki yana sha, to a nan ne za a yi su, daga daidai wurin da aka taɓa. Ana yin su da `Filter > Distort > ZigZag`, a zaɓi `Pond Ripples`, a kan kwafin da ya haɗa ruwan da surar, domin filtar tura fiksel kawai take yi. A ruwa mai launi ɗaya ba za a ga aikinta ba. Kuma zoben ba da'ira ba ne a hoto. Inda kyamara ke kallon ruwa da digiri 10, tsayin zoben kamar kashi ɗaya cikin shida ne na faɗinsa: mai faɗin fiksel 600 tsayinsa wajen 100. A zana zaɓin da wannan siffa tun kafin a kira filtar. Zobban waje su fi na ciki rauni har su ɓace.

A kogi mai gudu kuwa zobba ba sa tsayawa. Ruwa yana ɗan taruwa a gaban ƙafa ko turke, ya rabu biyu, ya bar wutsiya mai buɗewa ta ɓangaren da yake gangarawa. Sai an duba duwatsu ko ciyayin da ke cikin hoton an ga ina ruwan ya nufa, a kwafi wutsiyar ɗaya daga cikinsu da `Clone Stamp` a daidaita girmanta. Surar ma a irin wannan ruwa ba ta da fuska ko aikin riga, tabon fari ne dogo mai rawa, kuma haka ya kamata a bar ta.

Duk wannan shafe-shafe yana goge ɗan tsakin da kowane hoton kyamara ke da shi, sai surar ta yi sumul fiye da ruwan da ke kewaye da ita. A buɗe hoton a `100%`, a sa `Add Noise` kaɗan, kashi 1 ko 2, a kwatanta da ruwan gefe har iyakar ta ɓace. Sannan a ƙanƙance shi zuwa girman allon waya, tunda a nan yawancin mutane za su gan shi. A wannan girman ba a ganin tsaki ko tsagogi. Abin da ke fitowa shi ne ko surar ta fi sauran surorin hoton haske, da ko tana daidai ƙarƙashin mai ita. In ta fi su haske, a koma `Curves`. In ta goce gefe, taswirar ce ba ta zauna a kan 128 ba.